Kafin a matse fayil, a fara tambaya ko ya canja

Duk wanda ya taɓa buɗe wurin lissafin data a saitin wayarsa ya san abin haushin nan: manhajar da ka yi kwana uku ba ka buɗe ba ta cinye maka data a ɓoye. Yawanci ba sata ba ce. Aikin sabuntawa ne, wanda ke farkawa da kansa ya jawo sabbin bayanai daga saba. Ni a ganina, mu masu rubuta manhaja muna gyara wannan matsala a baibai, muna rugawa wajen matse fayil tun ba mu tambayi ko akwai buƙatar sauke shi ba.

A ɗauki misali. Manhaja ce ta farashin hatsi, tana sauke fayil ɗin JSON mai nauyin 2 MB duk bayan minti 15, wato mafi ƙarancin tazarar da WorkManager na Android ke yarda da ita. Sau 96 ke nan a rana, 192 MB. A kwana 30 ya kai 5,760 MB. Kusan giga shida don ka san kuɗin buhun masara!

Matsewa na taimakawa sosai, domin JSON rubutu ne mai yawan maimaici. A ce gzip ya mayar da fayil ɗin 300 KB. Lissafin wata ya sauko zuwa 864 MB. Sai dai a duba da kyau, domin ko an kunna gzip a nginx, `text/html` kawai yake matsewa har sai an ƙara `application/json` a cikin `gzip_types`. Idan babu `Content-Encoding: gzip` a amsar da saba ta dawo da ita, ba a matse komai ba.

To amma 864 MB ɗin ma asara ce, tunda farashi ba ya canjawa duk bayan minti 15. Nan ne `ETag` ke shigowa. Wata 'yar alama ce da saba ke maƙala wa kowane zubi na fayil. Manhaja ta adana ta, in ta sake dawowa ta nuna ta:

```
If-None-Match: "v41"
```

Idan fayil ɗin yana nan yadda yake, saba za ta amsa da `304 Not Modified` ba tare da ta turo shi ba. A ce sau huɗu farashin ke canjawa a rana: 1.2 MB ke nan, sauran tambayoyi 92 kuwa 'yan kilobayit ne kowace. Duka ba su kai 2 MB a rana ba. Daga 192 zuwa ƙasa da 2, kuma bayan matsewa, abin da ya rage duk wannan tambaya ce ta kawar da shi.

Sauke ɓangare kuwa, nan ne ake yawan ruɗewa. `Range` na da amfani idan sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, abin da kowa ya saba da shi a hanyar ƙauye. Manhaja ta ce a ci gaba daga inda aka tsaya:

```
Range: bytes=180000-
If-Range: "v41"
```

Saba ta amsa da `206 Partial Content`. Layi na biyun ba ado ba ne. In babu shi, kuma fayil ɗin ya canja a tsakani, za a liƙa kan tsohon zubi da wutsiyar sabo, a samu fayil ɗin da ba ya karantuwa. In yana nan, saba za ta turo sabon gaba ɗaya da lambar 200.

Ga tarkon da ba a cika faɗa ba. OkHttp, wanda manhajojin Android da yawa ke aiki da shi, yana neman gzip da kansa, amma da zarar ka sa `Range` sai ya daina. Wato kana murnar ka rage data, alhali ɗanyen fayil kake ja. Mafita ita ce a matse fayil ɗin tun a saba, a ajiye shi a matsayin `farashi.json.gz`, manhaja ta sauke shi yadda yake ta kwance da kanta. Kuma `Range` ba ya gane layin da ya canja, bayit kawai yake ƙirgawa. Mai son sauke canje-canje kaɗai sai ya gina wa sabarsa hanyar karɓar tambaya irin `?since=`.

Wani zai ce a huta da duk wannan, a sa `NetworkType.UNMETERED` aikin ya jira Wi-Fi. Ban yarda ba. Wayoyi da yawa a wajenmu sai su yi wata ba su hau Wi-Fi ba, farashin ya tsufa a hannun mai shi. Wanda kuma ke da MiFi, sau da yawa wayarsa kan ɗauke shi a matsayin layi marar iyaka, alhali datar da ya saya ce ke ƙonewa. Irin wannan sai ya shiga saitin Wi-Fi ɗin ya zaɓi `Treat as metered` da hannunsa.