Taron Gaggawa: A Yi Mana Shela, A Daina Yi Mana Kururuwa

'Yan uwana ɗalibai, akwai wani irin saƙo da na tabbata ya taɓa faɗowa cikin wayar kusan kowannenmu. Yakan zo da manyan baƙaƙe kamar haka: "TARON GAGGAWA!!! Kowa ya hallara yanzu-yanzu. Lamarin babba ne, ba za a iya faɗa a waya ba. A tura wa kowa." Babu sunan wanda ya rubuta, babu dalilin taron, wani lokacin ma ko kwanan wata babu. Kafin minti goma wani ya ce an rufe makaranta, wani ya ce an ƙara kuɗi, wata kuma ta ji wai faɗa ne ya ɓarke a bakin ƙofa. In aka je, sai a tarar maganar canjin ranar jarrabawa ce.

Ra'ayina shi ne, ɓoye dalilin taro shi ke kawo firgici, ba gajartar lokaci ba. Ana iya kiran mutum ɗari biyar cikin awa uku hankalin kowa a kwance, matuƙar an gaya musu abin da ya sa ake nemansu. Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, da na ƙungiyoyin sassa da na garuruwa, da wakilan aji, su ɗauki rubuta sanarwar gaggawa a matsayin aiki mai ƙa'ida.

Kakanninmu sun daɗe da raba wannan gardama. A ƙasar Hausa akwai shela, akwai kururuwa, kuma ba a haɗa su. Mai shela yakan zaga unguwa, ya fara da gaisuwar sarki ko ta mai gari, don a san daga inda maganar ta fito. Sannan ya faɗi abin da ake so, da ranar, da wurin. Kururuwa kuwa ta gobara ce da ɓarawo. Mai yin ta ba ya bayani, domin so yake a fito a guje. Matsalarmu a yau ita ce, muna son a zo a zauna a tattauna, amma muna kira da muryar gobara. To wanda aka kira da muryar gobara ai ba zai zo da hankalin tattaunawa ba.

Kuma mu tuna inda muke. A ranar 1 ga Agusta, 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a nan Dutse, gwamnatin Malam Umar Namadi ta sa dokar hana fita ta awa 24 a jihar. Mutanen garin nan ba su manta ba. Saƙon da ke cewa ɗalibai su taru yanzu-yanzu ba tare da dalili ba, ba a wayoyinmu kaɗai yake tsayawa ba. Zai kai ga mai shago da ke kusa da makaranta, zai kai ga jami'an tsaro, zai kai ga wata uwa a Jahun ko Gwaram wadda 'yarta ke ɗakin kwanan ɗalibai. Ita uwar nan ba ta da hanyar tantancewa. Kira za ta yi, in wayar ba caji, shi ke nan an hana ta sukuni har dare.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ranar Talata ce, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai suka samu tabbacin cewa za a rufe rajista ranar Juma'a, kuma wanda bai kammala ba ba zai zauna jarrabawa ba. Suna so su ji yawan waɗanda abin ya shafa, su kuma tsayar da abin da za su roƙi hukumar makaranta gobe Laraba. Wannan gaggawa ce ta gaskiya, don kwana uku kacal suka rage. Ga yadda nake ganin ya kamata saƙon ya kasance:

"Sanarwa daga Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiyar Ɗalibai, Talata, ƙarfe 12:00 na rana. Akwai taron gaggawa yau da ƙarfe 4:30 na yamma a babban ɗakin taro, kan rufe rajista da za a yi ranar Juma'a. Ana buƙatar wakilan aji duka da duk wanda bai kammala rajista ba. A zo da lambar shiga makaranta da rasit in akwai. Makaranta a buɗe take, lakcoci na tafiya yadda aka saba. Za a tashi ƙarfe 5:30. Wanda bai samu zuwa ba, za a fitar da sakamakon taron ƙarfe 8:00 na dare ta wannan hanyar."

Ku duba, babu alamar motsin rai ko ɗaya a ciki, amma duk wanda bai biya kuɗinsa ba, da ya karanta zai tashi tsaye. Abin da ya nuna gaggawar shi ne kalmomi biyu: "yau" da "Juma'a". Wa'adi ne ke sa mutum sauri. Manyan baƙaƙe da jan hoton jiniya bugun zuciya kawai suke ƙarawa.

Jimlar da ta fi kowace aiki a saƙon ita ce wadda ta ce makaranta a buɗe take, lakcoci na tafiya. Mai rubuta sanarwa ya tambayi kansa: wane mugun zato ne zai fara zuwa zuciyar mai karatu? A wurinmu yawanci uku ne: an rufe makaranta, an yi rikici, ko wani ya rasu. Sai ya toshe wannan ƙofa da magana ta zahiri wadda kowa zai iya leƙawa waje ya tabbatar. Wannan ya sha bamban da rubuta "kada kowa ya firgita". Wallahi da zarar an ce maka kada ka firgita, abin da za ka fara tambaya shi ne, to me ya faru da har ake tunanin zan firgita? Sharaɗin kawai shi ne jimlar ta zama gaskiya. In ba ka tabbatar kowa lafiya ba, kada ka rubuta kowa lafiya.

Sai batun lokaci. Na sa ƙarfe huɗu da rabi da gangan. An idar da La'asar, kuma an ba mutane awa huɗu da rabi su shirya. Ba dukanmu ke kwana cikin makaranta ba. Akwai masu zuwa daga Takur da Gida Dubu da Danmasara, akwai na Shuwarin da Kiyawa, har da masu jeka-ka-dawo daga Birnin Kudu, waɗanda sai mota ta cika za ta tashi. In ka ce "yanzu-yanzu", ka tara 'yan ɗakin kwana kaɗai, ka yanke hukunci da sunan kowa. Ka kuma sa wani ya ce wa ɗan acaɓa ya ƙara wuta a kan titi. Sauri ya haifi nawa. Faɗin lokacin tashi ma ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga 'yan uwanmu mata da ake jira a gida kafin Magariba. In ba su san yaushe za a tashi ba, da yawa ba za su zo ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Kwanan wata da sa'ar da aka rubuta a saman saƙo su ke hana shi dawowa bayan wata uku ya sake tayar da hankali, don mun san yadda tsohon saƙo ke yawo a WhatsApp kamar sabo. Muƙamin wanda ya fitar kuma shi ne gaisuwar sarkin zamaninmu. Murya ɗaya ya kamata ta fitar da sanarwa, wakilan aji su tura ta yadda take, ba ƙari ba ragi. Saƙon murya ya zo a baya, in an ga dama, domin wanda ke cikin aji ba zai iya saurara ba, kuma haki da rawar muryar mai magana sun isa su tsorata mutum ko da kalmominsa masu sanyi ne.

Na san abin da wasu shugabanni za su ce, don na sha jin sa: "Kai ba ka san ɗalibai ba ne. In ka faɗi dalili ba mai zuwa, sai ka girgiza su." Gaskiya ne tsoro na cika ɗaki. Amma sau nawa? Karo na farko za a cika, na biyu a zo rabi, na uku a ce ai halinsu ne. Ranar da abu na gaske ya taso, kalmar gaggawa ta riga ta zama tsohon kuɗi. Sannan wa ka tara? 'Yan kallo ne da suka zo jin abin da ya faru, waɗanda da sun ji maganar rajista ce za su fara ficewa da surutu. Mutum sittin da abin ya shafa, riƙe da rasit, sun fi ɗari huɗu da suka zo da zuciya a wuya.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan nauyi: wani lamarin ba ya faɗuwa a rubuce. Na yarda. In rasuwa aka yi, bai dace a sa suna a saƙo ba kafin iyalan mamaci su ji ta bakin da ya kamata. In zargi ne a kan wani, suna a saƙo zalunci ne. Amma ko a nan ana iya faɗin nau'in maganar ba tare da tona cikinta ba. A ce taron kan wani lamari ne na ladabtarwa da ya shafi sashe guda, ba shi da alaƙa da tsaro ko jadawalin karatu. Kuma irin wannan taro na shugabanni ne, a kira su ɗaya bayan ɗaya a waya, ba sai an buga wa duniya ganga ba.

Wani lokacin ma amsar ita ce kada a kira taron sam. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, tara jama'a a ɗaki guda shi ne ainihin abin da ake gudu. Haka in gobara ce, ko ambaliya, ko tarzoma a gari. A nan umarni ake bayarwa: a zauna a ɗaki, ko a bi ta ƙofa kaza. Taro na abin da ke buƙatar shawara ne.

In kuwa saƙon kuskure ya riga ya fita, a gyara shi nan take ta hanyar da ya fita. A ranar 13 ga Janairu, 2018, an aika wa wayoyin mutanen Hawaii a Amurka gargaɗin cewa makami mai linzami na tafe, alhali kuskure ne. Sai bayan minti 38 saƙon gyara ya iso wayoyinsu, kuma wannan jinkiri na cikin abin da aka fi yi wa hukumomin tsiya a kai. Goge saƙo a yi shiru ba gyara ba ne, ya ma fi tayar da zato.

Roƙona ga majalisar ƙungiyarmu shi ne ta sa wannan a rubuce: wa ke da ikon kiran taron gaggawa, awa nawa ne mafi ƙarancin sanarwa, kuma sanarwar da ba ta da dalili da kwanan wata da muƙamin mai fitarwa ba ta ƙungiya ba ce. Ni dai awa uku nake ba da shawara. Mu kuma sauran ɗalibai, in saƙo ya zo mana ba dalili ba mai shi, mu tambayi wakilin aji kafin mu tura. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama karatunmu lafiya.