Kafin ku saka wani a Bcc, ku ji wannan

Jiya wani ɗan ajinmu ya jefa kansa a matsala, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Malamin da ke duba masa furojet ya riƙe babi na uku wata biyu. Sai ya tura masa imel na tuni, ya saka shugaban sashe a Bcc, wai don ya gani a ɓoye. Shugaban sashe ya danna Reply All ya rubuta: “Dakta, a duba wannan.” Shi ke nan, asiri ya tonu. Wanda ke Bcc in ya yi Reply All, amsarsa na zuwa ga duk wanda ke To da Cc. Yanzu malamin na ganin an kai ƙararsa ta bayan fage, kuma shi zai ba da maki.

Ni a ganina, in har lamari ya kai shugaba ya sani, ku sa shi a Cc kowa ya gani, bayan kun yi tuni sau ɗaya ko biyu ku kaɗai. In ba ku so malamin ya sani, ku tura wa shugaban saƙo daban.

Inda Bcc ke da amfani shi ne in wakilin aji zai tura sanarwa ga mutum 150, kada adireshin 'yan mata ya bazu hannun kowa.

Sannan don Allah, “na gode” Reply kawai take buƙata.