Aljihu ukku, kowane da aikinshi

Kuɗin da ke zaune wuri guda, cefane ke cinye su tun kafin takardar NIGELEC ta iso. Maganin shi ne a raba su ranar da suka shigo.

Mu ɗauki mai tuyar ƙosai da ke samun ribar jika 15 a sati. A wata tana biyan wuta jika 6, ruwa 2, makarantar yara 6, zubin asusu 2. Jika 16 ke nan, wato jika 4 kowane sati. Waɗannan sai ta zuba su a Airtel Money, kar ta taɓa. Jika 9 na cefane su zauna a layi na biyu, kamar Moov Money. Sauran jika 2 ajiya ce: ta tara, ƙarshen wata ta kai jika 8 banki, inda fiddawa sai da tafiya.

Hattara da abu biyu. Kowace fiddawa ana yankar kuɗi, don haka ki fidda na cefane sau guda a sati. Kuma in kika ga sati biyu a jere kina ranto daga aljihun wuta, rabon cefanen ne ya yi kaɗan. Ki rage ajiyar zuwa jika guda, kar a yanke miki wuta.

Sai wani wata, in Allah ya kai mu.