"Lafiya Lau" Alhali Ba Lafiya



Ranar wata Litinin a zangon karatun da ya wuce, ana cikin damina, wata 'yar ajinmu ta faɗi a wurin taron safe. Muna tsaye a layi, ana sanarwa, sai muka ji tim a bayanmu. Da aka ɗaga ta, jikinta zafi kamar an ciro dutse daga murhu. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, bayan an tafi da ita mun zauna a aji mun lissafa mutanen da suka gaisa da ita a safiyar nan. Mun samu mutum shida, har da malamar ajinmu da mai gadin ƙofa. Duk su shidan amsa ɗaya ta ba su: lafiya lau.

Daga baya muka ji cewa tun daren Asabar take fama da zazzaɓi da ciwon kai. Ta sha farasitamol, zafin ya sauka, sai ta ɗauka ta warke. Ga kuma gwajin lissafi da za a yi ranar, ba ta son ya wuce ta. A asibiti aka soki yatsarta aka ɗiga jini a ɗan abin gwaji, cikin kamar minti 20 aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba ta maganin kwana uku, safe da yamma, aka ce ta shanye duka ko da ta ji sauƙi. Nas ta yi mata bayani cewa farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini. Ta yi mako guda ba ta zo makaranta ba, kuma gwajin da take gudun ya wuce ta ya wuce ta ɗin.

Da muka je dubiya, ɗayanmu ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ta ce, "To me zan ce? Malama ta ce ina kwana, in ce mata ban kwana ba?" Duk muka yi dariya, amma a hanyar komawa gida mun ga tambayar tata tana da nauyi.

Mu dai a ganinmu ba ƙarya ta yi ba. A gaisuwar Hausa kowace tambaya da amsarta take zuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya, ko da yanzu ka sauke jarka biyu ta ruwa daga ka. Ina labari, sai alheri. Yaya sanyi, lokacinsa ne. Wanda ya ce maka ina gajiya ba ya jiran ka ƙirga masa gaɓoɓin da ke maka ciwo, kuma kai ma ka san haka. Tun da ku biyun kun san ma'anar abin, babu wanda aka yaudara. Ko mara lafiyar da ke kwance ba ya iya tashi, in aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Kakanninmu suna cewa wannan fata ce ta alheri, kuma ba a so mutum ya yi wa kansa mugun baki. Don haka ba ma goyon bayan masu cewa a daina amsa lafiya lau. Ku yi tunanin a ce ka gaida dattijo a bakin masallaci, ya ce yaya karatu, kai kuma ka tsaya kana ba shi labarin cikinka da ya ɓaci jiya. Ai gobe in ya hango ka zai canja hanya.

Inda muke ganin ana yin kuskure shi ne tsayawa a nan. Gaisuwa tana ƙarewa, kuma bayanta akwai wuri da ya isa a sa magana guda ɗaya. Da 'yar ajin namu ta ce, "Lafiya lau Malama, sai dai na kwana biyu da zazzaɓi," ta gaida malama yadda ya kamata, kuma ta faɗi gaskiya. Maganar ba ta kai daƙiƙa biyar ba. Ba ta ɗora wa malama wani kaya ba, domin abin da malama za ta yi kaɗan ne: ta ce ta zauna a inuwa kada ta shiga layi, ta aika a kira wani daga gida. Kayan da aka ɗauka daga baya ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Malamai biyu suka bar darasi, aka nemo mai adaidaita, aka kira mahaifiyarta tana kuka a waya. Wato gudun kada ta dami mutum ɗaya ya sa hankalin makaranta guda ya tashi.

Wannan "sai dai" ita ce muke ba da shawara a riƙe. Mutum ya amsa gaisuwa tukuna, sannan ya faɗi abu ɗaya da ke damunsa da kuma tun yaushe, sai ya yi shiru. Shirun yana da amfani, domin shi ne ke ba wanda ya tambaya zaɓi. In yana sauri zai ce sannu, Allah ya sawwaƙe, ya wuce, kuma babu laifi. In yana da lokaci zai ce ka sha magani kuwa? Daga nan shi ya buɗe ƙofa, ba kai ka tura ta ba.

Amma ba kowa ake ba wannan "sai dai" ba. Mai shagon da muke sayen biro a wurinsa, lafiya lau ta ishe shi. In muna jin bakinmu ya yi nauyin faɗin lafiya lau ɗin, Hausa ba ta bar mu haka ba. Akwai "alhamdulillahi", akwai "mun gode Allah", akwai "ga mu nan dai", akwai "da dama-dama", akwai "sai a hankali". Duk wanda ya ji an ce masa sai a hankali ya san akwai wani abu, amma ba a tilasta masa ya tambaya ba. Abin da za mu duba shi ne, wannan mutumin zai iya yin wani abu a kai, ko kuwa alhakinmu yana wuyansa? Iyaye, yayye, malamin aji, malamin wasanni da zai sa mu zagaya fili sau uku, waɗannan suna da haƙƙin su sani.

Akwai kuma wurin da "da sauƙi" take zama haɗari, wato gaban likita ko nas. Mun sha gani a layin asibiti, an sha wahala an karɓi kati, an jira tun safe, likita ya ce yaya jiki, mutum ya ce da sauƙi ya yi shiru, sai an yi ta jan maganar daga bakinsa. In da sauƙi, me ya kawo mu? A nan tambayar ba gaisuwa ba ce, aiki ce. Sai a faɗi kwana nawa, ina ne ke ciwo, an yi amai ko ba a yi ba, wane magani aka saya a kemis aka sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ciwon jiki ma ya fi sauƙin faɗa. Baƙin ciki shi ne mai wuya. In rasuwa aka yi, al'ada ta riga ta shirya mana magana: a ce yaya haƙuri, mu ce mun gode Allah, kuma kowa ya san zuciya ba daɗi, ba sai an yi bayani ba. Amma akwai damuwar da ba a zuwa gaisuwa a kanta. An yi faɗa a gida da daddare. An sallami baba daga aiki. An fito ba a karya ba. Waɗannan sirrin gida ne, kuma an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mun yarda da haka. To amma mutum zai iya faɗin halin da yake ciki ba tare da ya faɗi dalili ba. In aboki ya ce yau lafiya kuwa na gan ka shiru, za a iya cewa, "Yau dai raina ba daɗi, amma ba kai ba ne, kuma ba na son maganar yanzu." Wannan "ba kai ba ne" tana da muhimmanci. Mun san ƙawaye biyu a ajinmu da suka yi kwana huɗu ba sa magana, saboda ɗaya ta ce ba komai da fuska a ɗaure, ɗayar kuma ta ɗauka da ita ake fushi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma in baki ya ce ba komai fuska ta ce akwai, mutane fuskar suke gaskatawa, sannan su ƙirƙiro dalilin da kansu.

Sai dai in damuwar ta daɗe, mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ba barci, ba cin abinci, karatu ba ya shiga, ko kuma wani ne yake cutar da mu, to wannan ta fi ƙarfin aboki ɗan shekara 13. A nan ma sai mu ce ɗora masa ita shi ne ainihin ɗora kaya, don ba shi da abin da zai yi sai shi ma ya kwana da tunani. Babba ake nema, uwa ko goggo ko malamin da aka amince da shi, kuma ba a tsaye a bakin ƙofa lokacin gaisuwa ba. Sai a ce, "Malam, ina son magana da kai in an fita tara."

Wasu a kulob ɗinmu sun ce faɗin ciwo kamar rashin godiya ne ga Allah, wasu mazan kuma suka ce raki ne. Mun yi musu sosai a kan wannan. Mu muna ganin da bambanci tsakanin ba da labari da ƙorafi. Wanda ya ce alhamdulillahi, kaina ke ciwo tun jiya, ya gode kuma ya faɗi gaskiya. Raki shi ne ka tare kowa da labarin, har wanda bai tambaya ba, kana ƙara masa gishiri.

Mu masu tambaya ma da namu laifin. Cikin mutum shidan nan, biyu sun ce sun lura idonta ya yi ja kuma tana rawar sanyi cikin hijabi, amma da ta ce lafiya lau sai suka wuce. Ɗaya daga cikin biyun yana cikin masu wannan rubutu. Tambaya ta biyu ce ba mu yi ba, irin wadda iyayenmu mata suke yi in sun kalle mu sun ce, "Anya kuwa? Zo nan in taɓa jikinka."

Da ta dawo makaranta, malama ta tare ta a ƙofar aji ta ce yaya jiki. Ta ce, "Da sauƙi Malama, sai dai har yanzu in na daɗe a tsaye jiri nake ji." Malama ta cire sunanta daga masu shara na wannan makon, ta ce ta riƙa zama a baranda lokacin taron safe.