Ɗaukar Hoton Kundi Ba Karatu Ba Ne

A ɗakunan karatu na jami'o'i ba a cika ba da aron kundin digiri ba, saboda haka ɗalibi ko malamin sakandare da ya je neman bayani yakan ɗauki hotunan shafuffukan babin da yake so da wayarsa, ya koma gida da shafi talatin ko arba'in. Mafi yawa a nan aikin yake tsayawa. Wasu kuwa sukan kwafe kanun sassan babin a jere, su ce sun taƙaita shi. Wannan ba taƙaitawa ba ce, domin kanu yana faɗin abin da ake magana a kai ne kurum, ba ya faɗin abin da marubuci ya ce ya gano.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba takarda gida uku. A gida na farko a rubuta sunan sashe da lambar shafinsa. A na biyu a rubuta iƙirarin sashen cikin jumla ɗaya tak, wadda za a iya gaskatawa ko a ƙaryata. A na uku kuma a rubuta hujjar da aka kafa, wato wane jadawali ne, mutum nawa aka gwada, kuma ta wace hanya.

Alal misali, a ce babin yana magana ne a kan cutar tsargiya tsakanin 'yan firamare a wani ƙauye da ke kusa da madatsar ruwa. Sashen hanyar bincike ma yana da nasa iƙirarin, ko da yake ɗalibai kan tsallake shi: marubuci yana cewa ne gwajinsa ya isa ya gano masu cutar. Hujjar da za a nema ita ce ko an karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen tsutsar suka fi fita, da kuma ko an tace mililita 10 an ƙirga ƙwai a ƙarƙashin madubin likita. Idan kuwa tsinken gwajin jini kawai aka tsoma a fitsari, to lalle a rubuta haka, domin tsinken jini yake nunawa, ba ƙwai ba, kuma jinin al'ada na iya sa a lissafa yarinya lafiyayya cikin masu cutar.

Sashen sakamako ya fi sauƙi. Idan an ce yara maza sun fi mata kamuwa, sai a nuna jadawalin, a kuma rubuta adadin yaran da aka gwada, ba kaso cikin ɗari kaɗai ba. Kashi 50 cikin ɗari na yara 8 yara 4 ne kacal.

Inda wannan tsari yake nuna amfaninsa sosai shi ne sashen tattaunawa. A nan marubuci zai iya cewa gina madatsar ce ta ƙara yawan cutar. Maganar tana da daɗin ji, tun da sanin kowa ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar yana son ruwa mai kwanciya. Amma da mai taƙaitawa ya zo cike gida na uku, sai ya tarar sau ɗaya aka yi gwajin, bayan an gina madatsar, babu ƙididdigar da aka yi kafin ginin, babu kuma wani ƙauye na nesa da aka kwatanta da shi. To, a bar wannan gida fayau, ko a rubuta cewa hasashe ne. Kada a cike shi da sunayen masanan da marubuci ya ambata, domin abin da wani ya gano a wani wuri hujjar aro ce, kuma ya kamata a yi mata alama dabam.

Wasu malamai suna ganin rashin ladabi ne ɗan sakandare ya tuhumi aikin da manyan malamai suka sa wa hannu. Ai ba tuhuma ba ce. Marubuci yana da damar yin hasashe, shi kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin inda awo ya ƙare, hasashe ya fara.

Sai dai kafin a yanke cewa hujja ba ta nan, a fara zargin hoton. Kundi mai kauri yakan lanƙwashe ta wajen ɗinki, sai layin ƙarshe na jadawali ya ɓace, ko ɗigon da ke cikin 2.5 ya dushe a karanta 25. Ƙananan bayanan da ke ƙarƙashin jadawali su ne suka fi yankewa, ga shi kuma sau da yawa cikakkun alƙaluman suna rataye a ƙarshen kundin, inda mai ɗaukar hoto bai leƙa ba. Saboda haka a ƙirga lambobin shafi tun ba a bar ɗakin karatu ba, a kuma ɗauki kowane jadawali shi kaɗai, daga kansa har ƙasansa.