Ribar kamfanin caca tana cikin lambar da yake nuna maka

Duk wanda ya taɓa leƙa manhajar cacar ƙwallo ya ga lambobi irin su 2.10 ko 3.40 a gaban kowane wasa. Su ne ake kira od, wato adadin da za a ninka kuɗin da ka zuba idan ka ci. Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, kamfanin ya riga ya cire rabonsa a cikin lambar tun kafin a take leda.

Gano hakan ba wuya. Raba 100 da od ɗin, abin da ya fito shi ne yiwuwar da lambar ke nufi, a kashi cikin ɗari. Od 2.00 na nufin kashi 50, od 4.00 kuma kashi 25.

Mu ɗauka an ba mai masaukin baƙi 2.10, canjaras 3.40, baƙi kuma 3.30. Na farko ya ba da kashi 47.6, na biyu 29.4, na uku 30.3. Tunda dole ɗaya cikin ukun nan ya faru, kamata ya yi jimillarsu ta tsaya a 100 cif. Amma ta kai 107.3. Wannan rarar ta 7.3 ita ce ribar da aka cusa.

Ga yadda take a aljihu. Idan kana son karɓar kusan naira 10,000 ko yaya wasan ya tashi, sai ka zuba 4,762 a kan mai gida, 2,941 a kan canjaras, 3,030 a kan baƙi. Ka kashe 10,733 ke nan, an dawo maka da 10,000. Ka canki sakamakon daidai, amma naira 733 ta tafi.

Idan aka cire rarar, wato aka raba 47.6 da 1.073, yiwuwar nasarar mai gida ta sauko kusan kashi 44. Od ɗin adalci a nan 2.25 ne, ba 2.10 ba. Ko wannan ma hasashen kamfani ne kawai, ba tabbas ba.

Abin ya fi muni a tikitin da ake jera wasanni da yawa, domin rarar kowane wasa tana hawa kan ta ɗan'uwansa. A wasa ɗaya irin na sama, kowace naira 100 tana dawo da kusan 93 a matsakaici. Idan aka haɗa irinsa goma, abin da ke dawowa bai kai naira 50 ba. Ba mamaki da irin wannan tikitin aka fi tallatawa.

Ra'ayinmu shi ne hukumomin da ke ba kamfanonin nan lasisi su tilasta musu rubuta rarar kowane wasa a fili kusa da od. Kafin nan, duk wanda aka ce masa caca hanyar samun kuɗi ce, ya buɗe kalkuleta a wayarsa ya haɗa lambobi ukun nan.