Matar Ɓatacce: Kun Raba Gado, Kun Hana Ta Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani zalunci ne da na gani da idona. Wani ɗan kasuwa a unguwarmu ya fita fatauci a 2014, yana ɗan shekara 34, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekara ba ta zagayo ba 'yan'uwansa suka sayar da shagonsa suka raba kuɗin, wai ai ya rasu. Amma da matarsa ta nemi yin aure bayan shekara shida, sai suka ce ai yana raye. In ana maganar dukiya matacce ne, in ana maganar matarsa rayayye ne! Wannan ba fiƙihu ba ne, son zuciya ne.

Kada a ɗauka matsalar gida ɗaya ce. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bayyana cewa tana da rajistar mutane kusan 22,000 da suka ɓace a Najeriya sanadin rikicin arewa maso gabas.

Malamai suna kiran irin wannan mutum mafƙudi, wato wanda labarinsa ya yanke, ba a san rai ko mutuwarsa ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta matarsa ta jira shekara 4, ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sannan aure ya halatta gare ta. A mazhabar Malikiyya wannan shi ne hukuncin wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi lokacin zaman lafiya.

Sai dai ga inda ake tuntuɓe: shekarun huɗu ba daga ranar da ya fita ake ƙirga su ba. Sai ta kai ƙara gaban alƙali, ya bincika inda ake zaton samunsa, ya gaza, sannan ya yanka mata wa'adin. Da an kai maganar wannan baiwar Allah kotu a 2015, da wajen 2020 ta gama takaba. Da yake an hana ta da sunan kunya, shekarun da ta yi tana kuka a ɗaki ba su shiga lissafi ba. Wanda ya ce mata zuwa kotu tonon asiri ne, shi ya tsawaita mata wahala.

Dukiyar fa? A nan ne shari'a ta ce a dakata. Ba a raba gadonsa sai mutuwarsa ta tabbata, ko ya kai shekarun da galibi sa'o'insa ba sa wucewa, wanda mashahurin zance a mazhaba shi ne 70 da haihuwa. Mutuminmu ya ɓace yana da 34, ke nan saura 36 a lokacin. Masu gadonsa kuwa su ne waɗanda ke raye ranar da alƙali ya hukunta mutuwarsa, ba ranar da ya ɓace ba. Dalilin bambancin a fili yake: dukiya tana ajiyuwa, ƙuruciyar mace kuwa ba ta ajiyuwa. Daga wannan dukiya ake ciyar da matar cikin shekarun huɗu. In ba abin ciyarwa, tana da haƙƙin neman alƙali ya sake ta saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira huɗun ba. Ashe masu sayar da shago abincinta suka cinye.

Wani zai ce, to in ya dawo fa? Malamai ba su manta ba. In ya dawo kafin miji na biyu ya sadu da ita, matarsa ce. In sun riga sun sadu, ta kuɓuce masa. Wani kuma zai ce Hanafawa sun ce ta yi haƙuri har sa'o'insa su ƙare. Gaskiya ne, kuma muna girmama saɓanin malamai. Amma su ma ba su yarda a taɓa dukiyarsa kafin nan ba. Babu mazhabar da ta ce a raba gado a tsare mata.

Na sani wanda ya ɓace a fagen yaƙi, ko aka kama shi fursuna, hukuncinsa daban ne. Tantance wannan aikin alƙali ne, ba na taron dangi a zaure ba. Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai irin wannan a gidanku, ka raka ta kotu da shaidun aurenta da na tafiyarsa, ka kuma nemi a ƙidaya dukiyar a damƙa wa amintacce.

Allah Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana. Wallahu a'alamu.